Maki 19 Bisa 50: Wasiƙar Uba Zuwa Ga Malamin Insha'i

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da harshe a sakandare ya san irin wannan wasiƙa. Takan zo ne kwana ɗaya ko biyu bayan an mayar wa ɗalibai takardunsu na gwaji, a ninke cikin ambulan, kuma yawanci wanda aka yi ta dominsa ne ke miƙa ta yana sunkuyar da kai. Malamin lissafi bai cika samun irinta ba, domin in an ce bakwai sau takwas 56 ne, babu uban da zai yi gardama. Amma insha'i, musamman na Hausa, kowa na ganin yana da ta cewa a kansa, tunda kowa na jin harshen.

A ɗauki misali da wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda ta komo gida da maki 19 bisa 50, takardarta kuma duk jan biro. Mahaifinta ya karanta, ya sake karantawa, bai ga abin da ya kai ga wannan hukunci ba. Sai ya ɗauki alƙalami. Abin da irin waɗannan iyaye ke rubutawa bai cika wuce haka ba:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malam yana lafiya. Allah ya gafarta Malam, na ga takardar 'yar taka, na kuma karanta ta daga farko har ƙarshe. Ta cika shafi biyu, rubutunta ya fita tsaf, kuma duk abin da ta faɗa a kan matsalar ruwa a unguwarmu gaskiya ne, ni shaida ne. Hausa harshenta ne da ta tashi da shi. Ta yaya za a ce ta kasa samun ko da rabin maki? Yayarta ma ta duba ta ce ba ta ga laifinsa ba. Ina roƙon Malam ya sake dubawa."

Wasiƙa ce ta mutunci, babu zagi babu barazana, kuma tambayar da ke cikinta halas ce. Sai dai hujjoji huɗun da uban ya kawo, wato tsawo, da kyan hannu, da gaskiyar magana, da zaman Hausa harshen gida, babu ko ɗaya a cikinsu da ke da gurbin kansa a ma'aunin da malamai ke auna insha'i da shi. Daga nan saɓanin ya faro.

Makin insha'i ba lamba ɗaya ba ce da malami ke zaro wa daga ransa, ko kuma a ce bai kamata ya zama hakan ba. Jimla ce ta kashi huɗu. Ma'aunin da ya fi shahara a Nijeriya shi ne wanda hukumar WAEC ke amfani da shi wajen duba insha'in Ingilishi, inda ake raba maki 50 kamar haka: 10 na ƙunshiya, wato ko ɗalibi ya amsa abin da aka tambaye shi, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, sai 10 na ƙa'idojin rubutu. Malamai da yawa, har da na Hausa, sun ari wannan rabo suna aiki da shi a aji, wasu su bar shi bisa 50, wasu su mayar da shi bisa 20 ko 10 don ya shiga makin gwajin zango. Kamar lissafin cefane ne: jimlar ba ta gaya wa maigida abin da ya cinye kuɗin, sai ya ga farashin kowane kaya. Uban da ya ga 19 kawai a saman takarda, jimla ya gani.

To, me aka tambayi yarinyar? Tambayar ta ce ta rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarsu, cikin kalmomi kamar 300, ta bayyana matsalolin da ƙarancin ruwan sha ke jawo wa unguwarsu, ta kuma kawo hanyoyin magance su. Da malamin ya buɗe littafin da yake ajiye maki, ga yadda 19 ɗin ya kasu: ƙunshiya 4, tsari 4, sarrafa harshe 11, ƙa'idojin rubutu babu ko ɗaya.

A fara da ƙunshiya, domin a nan ne uban ya fi jin an zalunci 'yarsa. Gaskiya ne yarinyar ta zuba bayani. Ta faɗi yadda yara ke tashi da asuba neman ruwa, da yadda 'yan garuwa ke ƙara kuɗin jarka idan zafi ya yi tsanani, da yadda ciwon ciki ke yawaita saboda shan ruwan rijiyar da ba a rufe ba. Duk wanda ya karanta zai san ta ga abin da idonta. Amma tambayar hannu biyu gare ta: matsaloli da kuma mafita. Yarinyar ta kama hannu ɗaya ta riƙe har shafi ya kusa cika. A idon mai duba takarda, wanda ya amsa rabin tambaya, komai kyan amsar, ba zai wuce kusan rabin makin ƙunshiya ba. Wannan ita ce asarar da ta fi yawa a tsakanin ɗalibai masu ƙoƙari, kuma iyaye ba sa ganinta saboda dalili mai sauƙi: sukan karanta amsa ne ba tare da sun karanta tambaya ba. Sau da yawa ma tambayar ba ta cikin takardar, a allo aka rubuta ta, an kuma goge.

Tsari kuwa ya fi sauƙin nunawa da yatsa. Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma wasiƙar aiki ce, kuma tana da sassan da ake nema: adireshin mai rubutu da kwanan wata, adireshin wanda ake rubuta wa, gaisuwa a taƙaice, kan magana, sannan gundarin saƙo a sakin layi daban-daban, sai rufewa da sa hannu da cikakken suna. Yarinyar ta sa adireshinta da kwanan wata, amma ba ta sa na shugaban ba, ba ta kuma ba wasiƙar kan magana ba. Ta buɗe da layi shida na gaisuwa, tana tambayar lafiyar iyalinsa da yadda ya ji da jama'a, tamkar kawunta take rubuta wa. A gida wannan tarbiyya ce, kuma babu mamaki wurin nan ne ya fi burge mahaifinta. A wasiƙar aiki kuwa ɓata wuri ne, ya kuma nuna ɗalibar ba ta bambance wasiƙar zumunci da ta hukuma ba. Bayan haka sai ta zubo sauran maganar a dunƙule, shafi ɗaya da rabi babu sakin layi, batun 'yan garuwa ya shiga cikin na ciwon ciki ya fito ya sake komawa.

Sai a zo kan sifirin da ya fi komai ɗaga wa uban hankali.

A ma'aunin da ake magana a kai, ƙa'idojin rubutu ba a ba da makinsu, cirewa ake yi. Ɗalibi na farawa da 10 a hannunsa, kowane kuskure na rubuta kalma ko alamar rubutu sai a zagaye shi a cire rabin maki. Ke nan kurakurai 20 sun isa su share goman kaf. A takardar yarinyar an zagaye wuri 26. Wanda bai saba ba zai ce ina za a samu kurakurai 26 a Hausar Bahaushiya? Ga jimla ɗaya irin wadda malamai ke karo da ita kullum:

"Matsalar ruwa ta dade agarinmu, yan mata basa zuwa makaranta akan lokaci domin sai sunje diban ruwa."

In an karanta ta da baki, babu abin da ya same ta. In an duba ta da ido, kuskure bakwai ne a ciki. Daidai ɗinta shi ne: "Matsalar ruwa ta daɗe a garinmu, 'yan mata ba sa zuwa makaranta a kan lokaci domin sai sun je ɗiban ruwa." An bar lanƙwasar ɗ a wuri biyu, an bar alamar da ke gaban 'yan, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba a wuri huɗu. Maki uku da rabi sun tafi a numfashi ɗaya, kuma uban da ke karantawa da kunnen mai jin Hausa ba zai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, domin ƙwaƙwalwarsa na gyara masa kafin idonsa ya lura.

Wani zai ce wannan tsanani ne kawai na malamai, tunda ana gane abin da ake nufi. Ba kullum ake ganewa ba. Wanda ya rubuta "an kasa ruwa" yana nufin wani abu dabam da "ruwan ƙasa". "Baki sun zo" ba "baƙi sun zo" ba ne. "Bata" kuwa sai mai karatu ya yi duba kafin ya san ko "ba ta" ake nufi ko "ɓata". "Akan yi" na nufin abin da aka saba yi, "a kan tebur" kuwa wuri ne. Kuma waɗannan ƙa'idoji ba jiya aka ƙago su ba. Tun 1912 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko. An yi taron Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, aka yi na Kano a 1972, aka kuma yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Daga irin waɗannan zama ne aka tsayar da abin da ake koyarwa yau: a rubuta "ya ce" da "za su" da "ba ta" a rabe, a rubuta "yana" da "suke" da "yakan" da "gidansu" a haɗe. Littattafan makaranta a kansu suke tafiya, masu duba jarrabawar WAEC da NECO ma haka.

Abin da ya sa kurakuran suka yi katutu a yau ba ɓoyayye ba ne. Yawancin Hausar da ɗan sakandare ke karantawa a rana ba daga littafi take zuwa ba, daga waya ce, inda mutane da dama ba su sa madannin da ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, inda kuma ake manne kalmomi don sauri. Ido ya saba da "yace" har "ya ce" ta koma baƙuwa. Manya ma ba su tsira ba. In za a faɗi gaskiya, da za a ɗora jan biro a kan wasiƙun da iyaye ke aiko wa malamai, da yawansu ba za su fita da makin ƙa'ida ko ɗaya ba. Malami mai hankali dai ba ya yin hakan.

Zuwa nan kamar dai malamin ne da gaskiya ɗari bisa ɗari. Ba haka ba ne, kuma shi ya sa wasiƙar uban ba ɓata takarda ba ce.

Duban insha'i aiki ne da hukuncin mutum ke shiga ciki, kuma an daɗe da sanin cewa hukuncin yana tangaɗi. A 1912, wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, sun kwafi takardun Ingilishi na ɗaliban sakandare biyu suka rarraba wa malamai, 142 daga cikinsu suka duba suka dawo da maki. Takarda ɗaya ta samu daga 64 har zuwa 98 bisa 100, ɗayar kuma daga 50 zuwa 97. Takarda iri ɗaya ce, malamai ne kawai suka bambanta. Saboda irin wannan ne hukumomin jarrabawa ba sa miƙa wa mai duba takardu su ce ya je ya yi yadda ya gani. Sai an tara masu dubawa an yi zaman daidaitawa, kowa ya gwada hannunsa a kan kwafin takardu iri ɗaya, a ga wanda ya cika tsanani da wanda ya cika sassauci, sannan shugaban rukuni ya riƙa zaɓo wasu daga takardun da kowa ya duba yana sake bi.

Malamin aji ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi kaɗai ne, da dare, bayan ya wuni a tsaye. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma kowa ya san ajujuwan da suka haura haka nesa. Malamin da ke da aji huɗu masu ɗalibai 70 kowanne yana da takardu 280. In ya ba kowace minti biyar kacal, aikin sama da awa 23 ne. Takarda ta ɗari biyu ba za ta samu idon da ta goma ta samu ba. Haka kuma insha'in da ya biyo bayan wani mai kyan gaske yakan zama kamar ya fi yadda yake muni, sunan ɗalibin da ke saman takarda ma yakan yi tasiri ko da malamin bai nufa ba.

A misalin da ake bi, malamin ya karɓi wasiƙar, ya ji zafinta kamar yadda kowa zai ji, amma ya ɗauko takardar ya sake bi a natse. Ya samu abu uku.

Na farko a ƙa'idojin rubutu ne. Cikin wurare 26 da ya zagaye, kalmar "ƙaramar" da yarinyar ta rubuta babu lanƙwasa ta fito sau biyar, "'yan" babu alama sau uku. Tsarin da masu duba da yawa ke bi shi ne kalma ɗaya da aka yi ta kuskurewa iri ɗaya, sau ɗaya ake cire mata maki, sauran a ja musu layi kawai. Wannan ya sauke shida. Sannan akwai wuri biyu da shi ne ya yi kuskure: yarinyar ta rubuta "ba a gyara ba" da "za a samu", ya zagaye yana neman "ba'a" da "za'a", alhali nata ne daidai. Saura kurakurai 18, wato an cire maki tara, ta tsira da ɗaya. Ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma nata ne.

Na biyu ya fi nauyi. Da ya karanta takardar ba tare da kula da jan biron ba, sai ya ga Hausar yarinyar ta fi 11 bisa 20. Jimlolinta a miƙe suke, kalmominta sun dace da batun, ba ta cusa Ingilishi inda Hausa ke da kalma ba, har ta yi amfani da karin magana ɗaya a inda ya zauna daram. Abin da ya faru shi ne yawan zagaye ya ɓata masa rai, sai ya hukunta ta sau biyu a kan laifi ɗaya: ya cire a ƙa'idoji, ya kuma rage a sarrafa harshe. Wannan kuskure ne da ya yawaita, kuma ana gane shi idan malami ya kasa nuna jimla ko ɗaya mai rauni a ginin ta ko zaɓin kalmominta, sai dai ya yi ta nuna lanƙwasa da rabon kalma. Ya mayar da makin 13.

Na uku kuwa a bayan shafi na biyu yake. Can ƙasa, a layi uku na ƙarshe kafin ta sa hannu, yarinyar ta roƙi shugaban ya sa a gyara rijiyar burtsatsen da ta lalace a kusa da makarantar firamare. Mafita ce, ko da yake guda ɗaya ce kuma ba a faɗaɗa ta ba. Ƙunshiya ta tashi daga 4 zuwa 5. Tsari bai motsa ba, domin adireshin da babu shi ba zai tsiro ba.

Sabuwar jimla: 5 da 4 da 13 da 1, wato 23 bisa 50. Ƙarin maki huɗu ne. In aka mayar da shi bisa ɗari, an tashi daga 38 zuwa 46, wanda a jadawalin da makarantu ke bi irin na WAEC ya fitar da ita daga F9 zuwa D7. Ta bar faɗuwa, amma ba ta kai 50 ɗin da ake fara samun kiredit ba. Uban yana da gaskiya cewa an tauye 'yarsa. Malamin ma yana da gaskiya cewa insha'in bai kai rabi ba. Yawancin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe a nan suke ƙarewa idan an bi su da adalci, kuma mai sa ran 19 ya koma 35 zai sha mamaki.

Amsar da ta dace daga malami ba doguwa ba ce. Ya gode wa Alhaji da kulawarsa, ya kwafo masa tambayar yadda take, ya jera masa lambobin nan huɗu na da da na yanzu, ya faɗi inda ya gyara ba tare da kwana-kwana ba, sannan ya nuna abu biyu da yarinyar za ta fara da su: ta riƙa ja wa kowane hannu na tambaya layi kafin ta soma rubutu, ta kuma ware minti biyar na ƙarshe don bin lanƙwasa da rabon kalmomi. Lissafin ma yana ƙarfafa gwiwa. Da ta ba mafita sakin layi biyu, ta sa adireshi da kan magana, ta raba maganarta, ta kuma rage kurakuranta zuwa goma, da ƙunshiya ta kai kamar 7, tsari 7, ƙa'idoji 5, ga 13 ɗinta na harshe. Maki 32 ke nan, ba tare da ta koyi sabuwar kalma ko ɗaya ba.

Akwai amsoshi biyu marasa kyau da aka fi gani. Ɗaya ita ce ta malamin da ke ɗaukar wasiƙar a matsayin raini, ya ce shekararsa kaza yana koyarwa, ya kuma sa wa yarinyar ido har ƙarshen zango. Tsoron wannan ne ke hana iyaye da yawa magana. Ɗayar kuma ta fi illa ko da yake ta fi daɗin ji: a ƙara maki goma a rufe bakin uba. Ana yawan jin kukan haka daga malaman makarantun kuɗi, inda mai makaranta ba ya son ɓacin ran mai biya. Makin da aka ƙara ta wannan hanya yana zama a katin sakamako, amma ba ya bin yarinya zuwa ɗakin jarrabawar ƙarshe, inda wanda zai duba takardarta bai san ta ba, bai san mahaifinta ba.

Shi ma uban, da ya san ma'aunin, da wasiƙarsa ta fi haka kaifi. Maimakon "ta cika shafi biyu", da sai ya tambaya: mene ne ainihin tambayar, nawa ta samu a kowane kashi, kuma wane kuskure ne ya fi maimaituwa? Tambayoyi ne da malamin da ya yi aikinsa zai amsa cikin minti biyu, wanda kuma ya yi kintace zai rasa ta cewa. Tsawo yana da amfani ne kawai wajen cika adadin kalmomin da aka nema. Abin da ya haura haka sau da yawa ƙarin wurin yin kuskure ne. Shaidar yaya ko maƙwabci mai digiri ba ta da nauyi sai in ya duba da ma'auni ɗaya. Kwatanta makin da na ƙawarta, wadda aka ce ta rubuta rabin shafi ta samu 30, shi ma ba ya kai ko'ina, domin malami ba zai buɗe wa wani takardar 'yar wani ba. Akwai kuma abin da ya kamata uba ya tambayi kansa idan aikin gida ne: hannun wa ke ciki? Malamai na gane insha'in da babba ya taya rubutawa, ko wanda aka haddace buɗewarsa daga wani littafi, domin muryar takan canza a tsakiyar shafi. Wani lokaci zafin wasiƙar ma daga nan yake, don wanda aka ba 19 ɗin a fakaice shi ne mai wasiƙar.

Idan an yi duk wannan ba a gamsu ba, hanya ba ta toshe ba. Sama da malami akwai shugaban sashen harsuna, sama da shi akwai mataimakin shugaban makaranta mai kula da harkar karatu. Abin da ya dace a nema shi ne a ba wani malamin Hausa takardar ya duba, a ba shi tambayar da ma'aunin, amma a rufe sunan ɗalibar da makin farko. In bambancin bai wuce maki biyu ko uku bisa 50 ba, wannan tangaɗi ne na yau da kullum, a bar makin ko a ɗauki tsakiya. In ya kai takwas ko goma, to akwai abin dubawa, kuma ba a takardar yarinya ɗaya kaɗai ba, a dukan na ajin. Wanda ya nemi a sake dubawa kuma ya sani cewa maki na iya sauka kamar yadda yake iya hawa. Tsallake malami a kai ƙara kai tsaye ga shugaban makaranta, ko a tayar da maganar a taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai, ba ya ƙara wa yarinya komai sai jin kunya a gaban 'yan ajinsu.

Shugabannin makarantu na iya rage irin waɗannan wasiƙu ba tare da kashe ko kwabo ba. Su umarci malaman harshe su sa ɗalibai su kwafi tambaya a saman takarda kafin su fara amsa, su bayyana wa aji rabon makin tun farkon zango, sannan a ƙasan kowane insha'i su rubuta lambobi huɗu maimakon ɗaya, tare da layi guda da ke faɗin abin da za a gyara. Iyaye kuma, duk wanda 'yarsa ko ɗansa ya kawo masa takarda mai lamba ɗaya tak a samanta, yana da haƙƙin ya nemi a rarrabe masa ita kashi-kashi.